Honda Accord ta 2013 da jan man da na zuba mata

Shekarata ta huɗu ke nan a garejin maigidana a Panteka ta Kaduna lokacin da wani Alhaji ya kawo Honda Accord ƙirar 2013, mai fulogi huɗu, ya ce a juye mata man giya. Maigida ba ya nan. Ni kuwa na juye wa Accord ta 2008 da ta 2010 mai ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, hannuna ya saba da jan man nan da aka rubuta wa DW-1 a jikin galan. Na kwance ƙusar ƙasa ta fitar da mai, mai ya zubo, launinsa ba ja ba ne, ya fi kama da ruwan shayi. Na ɗauka tsufa ne ya canza shi. Na nemi sandar gwada mai ban gani ba, wannan ma bai sa na tsaya na yi tambaya ba. Na zuba jan mai kusan lita 4, Alhaji ya biya ya tafi.

Bayan mako uku motar ta dawo. Alhaji ya ce idan zai tashi daga danja sai ta riƙa karkarwa, kuma a hanyar Zariya da ya taka totur zai wuce tirela, inji ya yi ihu amma motar ba ta ƙara gudu ba. Maigida ya ɗiga man a farar takarda, ya dube ni, ya ce: "Yaro, wannan ba giyar da ka sani ba ce. CVT ce, man da take sha HCF-2 ne."

A ranar ya zaunar da ni gaban wata tsohuwar giyar CVT da aka farke. Babu jerin haƙoran da ke ba da giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Fuli biyu ne, kowanne kamar faifai biyu masu tudu a tsakiya suna fuskantar juna, sai bel na ƙarfe da ya haɗa su. Bel ɗin ƙananan ƙarafa ne ɗaruruwa, an jera su kamar carbi a kan siraran zobban ƙarfe. Idan fuli ɗaya ya matse, bel ya hau sama a kansa, ɗayan ya buɗe, bel ya nutse ciki. Haka giyar ke canzawa ba tare da ka ji ta shiga ba. Ya miƙo mini ƙarfe ɗaya daga cikin carbin, ya ce in shafa gefensa. Wannan ɗan gefen, wanda bai kai faɗin farce ba, shi ne ke taɓa fuskar fuli. Duk ƙarfin inji ta nan yake bi kafin ya kai taya. Matsi kawai ke riƙe da shi, da kamun da ƙarfe yake yi wa ƙarfe, alhali su biyun suna jiƙe da mai.

A nan na gane inda na yi ɓarna. A giyar atomatik ta gargajiya, haƙora ne ke ɗaukar kaya, ba su da hanyar zamewa. Abin da ke buƙatar lallami shi ne farantan kuloci, masu fuska irin ta takarda, don haka ake sa wa jan mai sinadaran da ke tausasa kamu, kuloci ya shiga a hankali ba tare da fizga ba. Waɗannan sinadarai suna ƙara santsi tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Man CVT kuwa an haɗa shi ne ya yi abu biyu masu wuyar haɗuwa: ya bar bel ya kama fuli da ƙarfi, ya kuma shimfiɗa wata siririyar kariya a fuskar ƙarfen don kada su ci juna. Duk da haka shi ne ke matse fulin, shi ne ke sanyaya giyar, shi ne ke hidimar kulocin gaba da na baya.

Lissafin da maigida ya yi mini a ƙasa da tsinke ba zan manta da shi ba. Ƙarfin da bel zai iya ɗauka ya dogara ne ga matsin fuli da kuma kamun da mai ya bari. Kwamfutar motar tana ba da matsi gwargwadon kamun da ta san man kamfani yana bayarwa, ba ta da hancin da za ta shinshina abin da ka zuba. A ce kamun ya ragu da kashi 10 cikin 100, to kayan da bel zai iya ja a wannan matsin ma ya ragu da kashi 10. A cikin gari, ana tafiya a hankali, ba za a lura ba, shi ya sa Alhaji ya yi mako uku lafiya. Sai ranar da aka cika mota da mutane, rana ta take, aka taka totur har ƙasa. Bel ya zame, wurin ya yi zafi, ya karce fuskar fuli. Fulin da ya karce ba ya warkewa, kullum sai ya ƙara cin bel, garin ƙarfen kuma ya bi mai ya shiga bawul-bawul ɗin da ke sarrafa matsi, matsin ya ƙara raguwa, zamewar ta ƙaru.

Akwai abin da ke rikita masu mota, har da wasu kanikawa. CVT mai lafiya ma idan ka taka ta, allurar inji takan hau ta tsaya wuri ɗaya, amma gudun motar yana ta ƙaruwa a hankali. Wannan halinta ne. Ciwo shi ne allurar ta yi tsalle sama ta dawo, gudu bai motsa ba, ko a ji karkarwa wajen tashi, ko wani siririn kuka da ke bin gudun mota.

Mun kwance ƙusar ƙasa, mai maganaɗisu a bakinta. Baƙin laka mai laushi muka samu, babu ɓarɓashi masu walƙiya, sai maigida ya ce akwai sauran fata. Matsalar ita ce juyewa ɗaya ba ta fitar da duk man, kusan rabi yana maƙale a cikin kwanbata, wato tulun da ke haɗa inji da giya, da bututun sanyaya mai. Idan rabi ke fita kowane karo, bayan juyewa ta farko saura rabin gurɓataccen, ta biyu rubu'i, ta uku kashi ɗaya cikin takwas. Sau uku muka yi, kowane karo mu zuba HCF-2, mu ɗaga tayoyin gaba, mu tayar da inji mu bi giyoyin ba tare da kaya ba don man ya gauraya, sannan mu sake juyewa. Tunda babu sandar gwaji, da ƙusar gefe ake gane ya cika: mota a daidai, a zuba har mai ya fara ɗigowa ta ramin. Lita 12 muka saya, maigida ya gaya wa Alhaji gaskiyar abin da ya faru, bai karɓi ko kwabo ba. Karkarwar ta tafi, amma ni da na san bel ɗin ya taɓa zamewa, hankalina bai kwanta da motar ba har yau.

Yanzu ba na amincewa da sunan mota ko siffarta. Accord ɗin 2013 mai fulogi shida giyar gargajiya ce mai hawa shida, DW-1 ne man da take sha, alhali jikinta ɗaya da wadda na lalata wa mai. Man CVT ɗin ma ba ɗaya ba ne: Nissan tana da NS-2 da NS-3, Corolla ta 2014 mai CVT tana shan wanda aka rubuta wa FE. Toyota Prius kuwa, duk da ana kiran giyarta CVT, ba ta da bel ko kaɗan, haƙora ne da injinan lantarki, shi ya sa samfurin 2010 jan man WS take sha. Kafin in taɓa sifana sai na karanta littafin motar ko rubutun da ke jikin giyar, kuma idan mai shago ya miƙo mini galan ya ce "wannan duk atomatik yana yi," nakan juya bayansa in nemi HCF-2 a rubuce. In babu, in mayar masa.