Awa biyu a rana da waya ɗaya: yadda na tsara makon neman aiki a Kano

Har yau in na tuna, abin yana ci mini rai. Wani kamfani a Sharaɗa ya gayyace ni intabiyu ta imel, saƙon ya faɗa Spam, ban gan shi ba sai bayan kwana tara, ranar ta riga ta wuce. Gmail ba ya sanar da kai abin da ya jefa can, kuma bayan kwana 30 share shi yake yi. Ni kuwa awa biyun da nake samu da safe kafin in tafi shagon yayana a Kantin Kwari, duk a guruf-guruf na WhatsApp suke ƙarewa.

Tun daga nan, minti 15 na farko kullum na imel ne: Inbox, Promotions, sannan Spam. Har Lahadi.

Litinin ba na tura komai. Tallan aiki nake tattarawa a Jobberman, MyJobMag da LinkedIn, in zaɓi shida kacal waɗanda na cika sharaɗinsu, in rubuta a littafi sunan wurin, ranar rufewa da ranar da zan tura. Littafi na takarda, domin waya tana mutuwa in ba wuta. Da ina da shi a lokacin, da shirun kamfanin nan ya sa na bincika.

Talata da Laraba nake turawa, uku-uku, kowanne kamar minti 35. Ina gyara layukan farko na CV a Google Docs su dace da abin da aka nema, in mayar da shi PDF, in buɗe in gani da idona kafin in tura. In ka tura shi yadda yake, layuka sukan wargaje a na'urar mai karɓa. Hoton takarda da aka ɗauka da waya kuwa, kada ma ka fara.

Alhamis ranar ƙafa ce. Kwafi biyar na CV a ambulan, unguwa ɗaya kawai, ko Bompai ko Sharaɗa ko Challawa, saboda haɗa biyu zai cinye lokacin da kuɗin adaidaita. Ka gaida maigadi da kyau, shi ya san wa ke karɓar takardu da lokacin da yake ofis.

Juma'a nakan kira mutum uku da suka san ni, in faɗi ainihin aikin da nake nema. "Ko wane iri ne" ba ya zama a ran kowa. Asabar bibiya ce: duk wanda ya kai kwana bakwai shiru, in aika masa gajeren saƙo. Duk wanda ya ce a biya kuɗin fom ko na "ajiye gurbi", na soke shi daga littafin.

A mako na biyar wata gayyatar ta zo, ita ma a Spam. Washegari da safe na gan ta, na danna Report not spam, na amsa kafin azahar.