Ashe Yawan Ƙwayoyi Tarko Ne

Jiya a wasan Othello, wasan allo da ake juya ƙwayoyi baƙaƙe da farare, ƙanina ya koya mini hankali. Ni ne baƙi, ina ta murna ƙwayoyina sun cika allo, shi kuwa 'yan kaɗan ya tara a tsakiya. Ban lura ba, duk farin da na juye a bakin fili rage wa kaina wurin sakawa nake yi, tunda sai da farare a gefen gurbi nake iya ajiyewa.

Da na ƙirga, gurabe 2 suka rage mini: b2 da g7, kowanne dab da kusurwa. Dole na saka b2. Ya ɗauke kusurwar a1, ƙwayar da ba ta sake juyuwa, ya bi gefen yana kifar da nawa.

"Yaya, ƙirga guraben da ka bar mini," in ji shi, yana dariya.