Tiyon da ya kwanta a hoto na huɗu

Talata. Yau gaba ɗaya hoto guda ne ya cinye mini wuni. Dilan da nake haɗa wa kundin kaya yana son shafin da za a ga tarakta tsaye a bakin ruwa tana juya famfon ban ruwa ta sandar bayanta, wadda aka rubuta wa PTO a jikin injin. Da safe na rubuta wa manhajar zana hoto umarni gajere, ta fito mini da guda huɗu masu kyau, hasken hantsi, shuka kore shar. Na zaɓi na huɗu na tura wa bakaniken dilan, ina jiran yabo.

Ko minti biyar ba a yi ba ya kira. "Malam, wannan famfon ko shekara zai yi ba zai ja ruwa ba," in ji shi. Na ce me ya faru? Ya ce in dubi tiyon da ya shiga ruwa.

Na ƙara girman hoton. Tiyon zuƙa ya fito irin mai laushin nan da ake naɗewa kamar tabarma, shuɗi, kwance a gefen ruwa. Irinsa a ɓangaren fitar ruwa kawai yake aiki, inda ƙarfin ruwa ke kumbura shi. A ɓangaren zuƙa iskar waje ce ke matse tiyo, don haka dole ya zama mai tauri, mai zobba-zobba a jikinsa, in ba haka ba sai ya manne. Kuma bakinsa sai ya nutse sosai da rariya a ƙarshensa, don in ya shaƙi iska ruwa ya yanke. Manhajar ba ta tsaya nan ba, ta liƙa tiyon biyu duka a saman famfon kamar ƙahonni. A famfo mai farfela, ruwa ta tsakiyar fuskar yake shiga, ya fita ta gefen kwanson mai kama da katantanwa, galibi ta sama. Na san wannan fa, kyawun hoton ne ya rufe mini ido.

Bakaniken ya ƙara da cewa gaɓar da aka ɗora famfon ta yi tsawo, kamar bene mai hawa uku. Iyakar abin da famfo zai zuƙo a lissafi kusan mita 10 ne, a aikace kuwa da wuya ya wuce 7 ko 8. Manomin da ya san aiki yana kallo zai gane ƙarya ce.

Bayan azahar na daina rubuta "realistic", kalmar ba ta tsinana komai. Na koma ina faɗin kowane abu da wurin zamansa:

```
rigid ribbed suction hose into center of pump casing,
strainer under water, layflat hose from top outlet,
one guarded PTO shaft, pump 2 m above water
```

Tiyo ya gyaru a karo na uku. Sai bayan taraktar ya lalace. Hannayen da ake rataya garma guda uku ne, biyu a ƙasa, ɗaya a sama, ni kuma ta ba ni huɗu, ɗaya ma bai kama komai ba, yana reto a iska. Sandar PTO ta fito tsirara babu murfin roba, ga mutum tsaye dab da ita da riga mai faɗi. Abin da ke juyi 540 a minti guda, wato tara a daƙiƙa, ba a nuna shi haka a kundin dila. Tayoyin baya ma an juya zanensu: in ka tsaya a bayan tarakta, tsinin zanen sama yake kallo, a nawa ɗaya sama ɗaya ƙasa.

A nan na haƙura da sa ta ƙera inji. Na roƙi bakaniken ya ɗauko mini hoton taraktar da famfon a haɗe a filin ajiyarsu, daga baya ta gefe, kyamara daidai ƙugu. Na rufe injin da tiyon duka da mask, wato alamar da ke hana manhajar taɓa wurin, na bar manhajar ta zana ruwa, gona da sararin sama kawai. Ko a haka sai da na gyara inuwa da hannu, don rana a hoton asali daga hagu take, gonar kuma ta fito da haske daga dama.

Na tura masa da magariba. Ya ce injin ya yi, saura tiyon fitar ruwa da ke kwance a shafe alhali ruwa na feshi a ƙarshensa. Gobe da safe zai tada famfon ya ɗauko mini shi a kumbure.