Rubutun Fotugisanci iri huɗu a takarda ɗaya: yadda muka daidaita takardar neman kwangila zuwa Luwanda

Ofishinmu na fassara da gyaran rubutu ƙarami ne, mu huɗu ne a ciki. Yawancin aikinmu Faransanci ne da Larabci, amma Fotugisanci na shigowa lokaci-lokaci, domin yana cikin harsuna uku na aikin ƙungiyar ECOWAS saboda Gini-Bisau da Kabo Berde, ga kuma 'yan kasuwarmu da ke hulɗa da Angola da Mozambik. Aikin da zan ba da labarinsa ma ba fassara ba ne. Wani Alhaji mai kamfanin haɗa famfon ruwa mai aiki da hasken rana ya kawo takardar neman kwangila, shafi 48, an riga an fassara ta, yana son a duba kafin a tura Luwanda, babban birnin Angola.

Tun a shafi na biyu na ga projecto, a shafi na tara projeto. Nan director, can diretor. Na kira shi na ce, "Alhaji, mutum nawa suka fassara wannan takarda?" Ya ce uku ne, ya raba musu don a yi sauri: ɗaya ya yi karatu a Burazil, ɗaya a Fotugal yake zaune, na ukun ɗan Angola ne, kuma an kwafo wasu shafuka daga tsohon littafin bayanin wani inji da aka sayo daga Burazil. Ya ce, "Malam, ai sai ka gyara wa wanda ya yi kuskure." Na ce masa babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowa ya bi ƙa'idar da aka koya masa, kuma hakan ya fi kuskure wuyar gyarawa.

Asalin abin wata yarjejeniya ce, Acordo Ortográfico, da ƙasashe bakwai masu amfani da harshen suka sa wa hannu a Lisbon ranar 16 ga Disamba 1990. Kafin ita, Fotugal da ƙasashen Afirka suna bin ƙa'idar 1945, Burazil kuma tana bin tata ta 1943. Sabuwar ta fara aiki a Burazil a 2009, ta zama tilas a farkon 2016. A Fotugal ma a 2009 ta fara, takardun gwamnati suka koma kanta a 2012, wa'adin amfani da biyun tare ya ƙare a watan Mayun 2015. Angola kuwa ba ta tabbatar da ita ba, kuma jaridu da ofisoshin Luwanda da tsohuwar suke rubutu. Ko a Fotugal ɗin, jaridar Público ta ƙi sauyawa.

Abin da sabon shiga ke tsammani shi ne rubutu iri biyu ne, tsoho da sabo. A aikace huɗu ne, tsoho da sabo na Fotugal, tsoho da sabo na Burazil, domin yarjejeniyar ba ta haɗe ɓangarorin gaba ɗaya ba. Dokarta ita ce baƙin c ko p da ba a furtawa a cire shi, wanda ake furtawa a bar shi, kuma furucin Lisbon daban da na Sawo Pawulo. Kalmar karɓar kaya, alal misali, a da kowa recepção yake rubutawa. Yanzu Fotugal na rubuta receção, Burazil ta tsaya kan recepção don can ana jin p ɗin. Facto kuma ya zauna a Fotugal, Burazil na rubuta fato. Saboda haka ganin p a kalma ɗaya ba ya nuna maka takarda tsohuwa ce.

Na ba Malama da ke duba mana Fotugisanci takardar, muka fara da gano wane shafi na wace ƙa'ida ne. Akwai kalmomin da ke tona asiri nan take. Acção da óptimo, da sunan wata da babban baƙi kamar Janeiro a tsakiyar jimla, tsohuwar ƙa'idar Fotugal da Angola ce. Ɗigo biyu bisa u, kamar freqüência, ko idéia mai alama bisa e, tsohuwar Burazil ce, kuma a shafukan littafin injin muka same su. Eletrônico mai hula bisa o na Burazil ne, eletrónico sabon Fotugal ne, electrónico tsohon Fotugal ne. Wannan kalma ɗaya ta fito mana a fuska uku a cikin takardar.

Sai batun zaɓi. Alhaji ya so a bi sabuwar, don a ganinsa sabo shi ne na zamani. Wani zai ce a ƙirga a bi wadda ta fi yawa a takardar, kuma da haka muka yi, sabuwar ce za ta ci, don ta kama kusan shafi 30. Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Tambayar da nake yi kullum ita ce, wa zai karanta, kuma a wane tebur? Na ce ya turo min takardar sanarwar kwangilar da ta fito daga hukumar da za ta karɓa. A layukan farko akwai projecto, akwai objecto. Shi ke nan magana ta ƙare: ƙa'idar 1945 za mu bi. Da Lisbon ko Burazil za ta je, sabuwar za mu bi, kowace da irin nata furucin. Na rubuta masa wannan shawara a saƙo, ya amsa da amincewa, kafin mu taɓa baƙi ɗaya. Nakan nace kan wannan, domin wanda bai san labarin ba idan ya ga an mayar masa da ação zuwa acção, zai ɗauka ɓata masa aka yi.

A nan wahalar ta fara, kuma ita ta sa kuɗin aikin ya ɗaga. Mayar da tsoho zuwa sabo da sauƙi, don cirewa ake yi. A Word sai ka kunna Use wildcards ka nemi `[cp][çct]`, duk wuraren da ake zargi za su fito, ka bi su ɗaya-ɗaya. Akwai ma manhajar Lince da aka yi a Fotugal musamman don wannan. Amma komawa baya, daga sabo zuwa tsoho, babu abin nema, domin baƙin ya riga ya tafi bai bar sawu ba. Ação zai koma acção, direção zai koma direcção, amma nação da relação da informação ba su taɓa samun c ba. Wanda ya ce wa na'ura ta mayar da duk ação zuwa acção zai lalata ɗaruruwan kalmomi a bugu ɗaya. Abin da muka yi shi ne muka fitar da jerin duk kalmomin da ke takardar, kowace sau ɗaya, Malama ta bi jerin da tsohon ƙamus na kafin sauyi a gefenta, tana sa alama. Muka kuma sa mai duba rubutu na Word a kan Pre-reform. Zaɓin Both shi ne ke ɓoye cutar, don yana karɓar iri biyun ba tare da jan layi ko ɗaya ba, kuma a kansa muka tarar da na'urar da aka haɗa takardar.

Kalmomi uku ne suka ci mana lokaci fiye da sauran duka, kuma babu jerin da zai warware su, sai karatu.

Ta farko fato. Wanda ya yi karatu a Burazil ya rubuta de fato, ma'ana a haƙiƙa, wannan dole ya koma de facto. To amma a shafin kayan kariya na ma'aikata, ɗan Angola ya rubuta fato de trabalho, wato rigar aiki, domin a Fotugal da Angola fato tufafi ne. Da an yi sauyin bai-ɗaya, da takardar ta yi alkawarin ba kowane ma'aikaci "haƙiƙar aiki" maimakon riga.

Ta biyu corretor. A tsohuwar ƙa'ida kalmomi biyu ne: corrector mai gyara, corretor kuma dillali. Sabuwar ta haɗe su. A shafin inshora akwai corretor de seguros, dillalin inshora, wanda bai kamata a taɓa ba, ko da yake ido na ganinsa kamar ɗan'uwan diretor da ke jiran a mayar masa da c.

Ta uku ita ce ta fi damuna. Para na nufin "domin" ko "zuwa", tana cikin kalmomin da suka fi yawa a harshen. A da, idan ana nufin "ya tsaya" sai a rubuta pára da alama, sabuwar ƙa'ida ta cire alamar. Takardarmu kuwa ta famfo ce, kuma famfo tsayawa yake yi idan tanki ya cika ko rijiya ta yi ƙasa. Akwai jimlar da ta ce a bomba para para proteger o motor, famfon yana tsayawa domin kare injin. Mai karatu a Luwanda zai ɗauka maimaici ne na kuskuren bugu, yana iya tsallake ɗaya, ma'anar ta koma "famfon domin kare injin", bayanin tsayawar ya ɓace. Mun bi kowace para a takardar, fiye da 300, muka sami 11 da ke buƙatar alama. A ra'ayina cire wannan alama shi ne mafi raunin abin da yarjejeniyar ta yi, tunda ta bar wa pôr da pôde nasu saboda irin wannan dalili.

Akwai wuraren da muka bari yadda suke da gangan. Sunan kamfanin Burazil da ya ƙera injin yana da hula bisa o, suna ne mai rajista, ba a gyara shi. Wata takardar shaida daga Fotugal da aka kwafo kalmominta cikin alamar zance ta zauna da sabon rubutunta, haka ma adireshin intanet da lambobin kaya. Na lissafa waɗannan wurare a shafi ɗaya na haɗa wa Alhaji, don kada wani ya zo daga baya ya ce an manta da su.

Wani abin kuma ba ƙa'idar rubutu ba ne sam. Equipe da registro da planejamento kalmomin Burazil ne, a Luwanda equipa da registo da planeamento ake cewa. Babu yarjejeniyar da ta shafi wannan. Na gaya masa aiki ne daban da kuɗinsa daban, ya ce a yi, tunda an riga an shiga.

Karan ɗori muka bari ƙarshe: mão de obra ya koma mão-de-obra, infraestrutura ya koma infra-estrutura, sunayen watanni a jadawalin aiki suka karɓi babban baƙi. Daga nan muka buga takardar, Malama ta karanta ta daga farko zuwa ƙarshe a kan takarda, ta kuma kamo elétrico guda biyu a cikin hoton zanen wayoyi, inda binciken na'ura ba ya shiga. Sai da muka nemi ainihin zanen daga injiniyansu kafin aka gyara. Aikin ya ci kwana huɗu, biyu daga ciki a kan shafuka 30 ɗin da aka mayar baya.

Tun daga lokacin, fom ɗin karɓar aiki na ofishinmu ya sami ƙarin layi biyu ga duk takardar Fotugisanci: ƙasar da za ta je, da kwafin wata takarda da ta fito daga hannun mai karɓa. Idan kuma za a raba aiki ga masu fassara fiye da ɗaya, kowa na samun shafi ɗaya mai kalmomi 20 a rubuce yadda ake so, electrónico a layin farko, pára a na biyu.