Lamba biyar da na rubuta a gurbin biyu

Ranar Juma'ar nan zan miƙa makullin ofis da kwamfuta, bayan shekara huɗu ina riƙe da teburin alƙaluma. Takardar miƙa aiki na gama ta, amma akwai abin da fom ɗin bai bar masa wuri ba, shi ne zancen rahoton haihuwa na bara. Kowa a ofis ya san an kira sunana a taron Litinin a kansa. Kaɗan ne suka san ainihin abin da na yi ba daidai ba, kuma wanda zai gaje ni ya cancanci ya sani dalla-dalla.

Tambayar da aka ba ni mai sauƙi ce: shin nisan gidan mace da asibiti yana da alaƙa da inda take haihuwa? Idan akwai alaƙa, za a sa kuɗin keke mai ƙafa uku na ɗaukar masu naƙuda a kasafin shekara mai zuwa. Na ɗan daidaita alƙaluman a nan domin ba mallakina ba ne, amma fasalinsu bai sauya ba. Mata 200 ne, kowace an ƙirga ta sau ɗaya.

| Nisa | Asibiti | Gida | Jimilla |
|---|---|---|---|
| Ƙasa da kilomita 2 | 45 | 35 | 80 |
| Kilomita 2 zuwa 5 | 31 | 39 | 70 |
| Sama da kilomita 5 | 14 | 36 | 50 |
| Jimilla | 90 | 110 | 200 |

Gwajin da na yi amfani da shi, kai-sikweya, yana farawa ne da ƙaddara cewa babu wata alaƙa, sannan ya tambaya: in da haka ne, mace nawa ya kamata a samu a kowane gurbi? Cikin mata 200, guda 90 sun haihu a asibiti, wato kashi 45 cikin ɗari. In nisa ba ya tasiri, to kowane rukuni ya kamata ya ba da wannan kason. Na kusa su 80 ne, sai a yi tsammanin 36 a asibiti, 44 a gida. Na tsakiya su 70, ana tsammanin 31.5 da 38.5. Na nesa su 50, ana tsammanin 22.5 da 27.5. Kada rabin mace ya dame ka, ba mutum ake ƙirgawa a nan ba, ma'auni ne, kuma ba a zagaye shi zuwa cikakkiyar lamba. Ƙa'idar dai ita ce jimillar layin kwance sau jimillar layin tsaye, a raba da jimillar kowa da kowa.

```
E = (R × C) / N
χ² = Σ (O − E)² / E
```

A nan E shi ne adadin tsammani, O adadin da aka ƙirga, R da C jimillolin layin kwance da na tsaye, N kuma jimillar kowa da kowa. Daga nan sai a bi gurabe shida ɗaya bayan ɗaya. A na farko an ƙirga 45, ana tsammanin 36, bambancin 9 ne. Tara sau tara 81, a raba da 36, ya ba da 2.25. Maƙwabcinsa ya ba da 1.84. Layin tsakiya kusan bai ba da komai ba, domin 31 da 31.5 ɗanjuma ne da ɗanjummai. Layin na nesa shi ya fi nauyi: 3.21 da 2.63. Aka haɗa duka, aka samu 9.94. Har nan ban yi kuskure ko ɗaya ba, kuma na duba lissafin sau biyu a daren.

Inda na faɗi shi ne lambar da manhaja ke kira df, wato yawan guraben da ke da 'yancin ɗaukar duk adadin da suka ga dama. Na ƙirga gurabe shida, na cire ɗaya, na rubuta biyar. Haka na tuna daga aji biyu na jami'a, inda muka yi gwajin da jeri guda ɗaya tak na rukunoni, kuma a can ƙa'idar daidai ce: yawan rukuni a cire ɗaya. Ban tsaya na tambayi kaina ko ta hau kan jadawali mai layin kwance da na tsaye ba. Na buga wannan a Excel:

```
=CHISQ.DIST.RT(9.94,5)
```

Ya ba ni 0.077, wato yiwuwar a samu bambanci mai girman haka alhali babu wata alaƙa. Ya haura 0.05, iyakar da sai an gaza ta ake cewa akwai alaƙa, don haka na rubuta jimlar da har yau nake iya karanto ta da ka, cewa bincike bai nuna alaƙa tsakanin nisa da wurin haihuwa ba. Oga ya sa hannu washegari da safe, yana tsaye, waya a kunne. Aka cire keken daga kasafi.

Wata huɗu bayan haka aka kawo wata malama daga jami'a ta duba rahotanninmu. Ba ta buɗe kwamfuta ba ma. Ta ɗauki biro ta zana jadawalin a bayan ambulan, ta rubuta jimillolin gefe kawai, ta bar cikin fayau, ta turo mini.

"Ɗana, cike mini gurbin farko."

Na sa 45. Ta ce, "Na kusa da shi fa, kana da zaɓi?" Na ce a'a Hajiya, dole 35 ne tunda jimillar layin 80 ce. Na sa 31 a layi na biyu, 39 ta zo da kanta. Da na kai layi na uku sai hannuna ya tsaya. Jimillar asibiti 90 ce, an riga an ci 45 da 31, saura 14, babu yadda za a yi ya zama wani abu. Na gida kuma 36. Gurbi biyu kawai na zaɓa, sauran huɗun jimillolin gefe ne suka tilasta su.

"To ina ka samo biyar?"

Ba ta ɗaga murya ba, amma zufa ta keto mini a cikin sanyin na'ura. Dalilin ke nan da ƙa'idar take layukan kwance a cire ɗaya, sau layukan tsaye a cire ɗaya. Uku a cire ɗaya biyu, biyu a cire ɗaya ɗaya, biyu sau ɗaya biyu. Adadin tsammanin nan da muka lissafa, daga jimillolin gefen muka ciro shi, don haka mun riga mun kashe wani ɓangare na 'yancin jadawalin tun kafin mu fara kwatantawa. Da df biyu, iyakar da ake buƙata a matakin 0.05 ita ce 5.99, kuma 9.94 ta wuce ta nesa ba kusa ba. Da biyar kuwa iyakar 11.07 ce, shi ya sa na ga kamar ba mu kai ba. Amsar gaskiya 0.007 ce, ba 0.077 ba.

Ta ƙara mini wani haske da ban taɓa ji a aji ba. Idan da gaske babu alaƙa, kai-sikweya kan yi yawo ne a kusa da df ɗinsa, matsakaicinsa daidai yake da shi. Wanda ya ɗauka df biyar ne, in ya ga 9.94 zai ce ninki biyu ne kawai, sa'a ma tana iya kawo haka. Wanda ya san biyu ne zai ga kusan ninki biyar. Ƙara df fiye da kima kullum gefe ɗaya yake karkata: yana ɓoye alaƙar da take nan.

Abin da ya fi ci mini rai ba ƙa'idar ba ce. Amsar tana gabana tun kafin in taɓa Excel. Mata 45 cikin 80 na kusa sun haihu a asibiti, kashi 56 ke nan. Na nesa 14 cikin 50, kashi 28. Rabi cif. Duk ungozomar da ta taɓa jiran mai naƙuda da aka ɗauko a kan babur cikin damina za ta gaya maka haka ba tare da jadawali ba. Na ga waɗannan kason, na ji wani abu a raina, sai na danne shi don lamba ta fito daga kwamfuta. Tun daga ranar, ba na duba sakamakon gwaji sai na fara fitar da kaso na kowane layi na rubuta abin da nake zato a gefen takarda. In suka saɓa, ba na tura komai sai na gano wanda ke ƙarya a cikinsu.

Malamar ce ta gaya mini, muna fita, cewa Karl Pearson, wanda ya fito da gwajin a 1900, shi ma yawan gurabe a cire ɗaya yake amfani da shi a irin wannan jadawali, har sai da Ronald Fisher ya nuna gyaran a 1922, kuma Pearson bai karɓi gyaran da daɗin rai ba. Na san don ta kwantar mini da hankali ta faɗa. Amma gyaran ya shekara ɗari a rubuce, kuma matan da ke bayan kilomita biyar ba ruwansu da wanda ya fara kuskuren.

A taron Litinin Oga ya karanta sunana sau uku. Bai ce shi ya sa hannu ba, bai ce kwana ɗaya ya ba ni a kan aikin mako guda ba, bai kuma ce na taɓa roƙon a riƙa ba wani ya bi lissafina kafin ya fita aka ce babu lokaci ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, kuskurena ne," domin nawa ne ɗin. Sauran na haɗiye. Ni na sake rubuta rahoton, ni na bi sauran jadawali goma sha ɗaya na shekarar na tabbatar babu irinsa a ciki, kuma babu wanda ya umarce ni da hakan.

A wannan bitar ce na tsinci sauran abubuwan da zan bar wa magajina. Ka duba adadin tsammani, ba adadin da aka ƙirga ba, kafin ka yarda da gwajin. Ƙa'idar da William Cochran ya bayar a 1954 ita ake bi: kada wani gurbi ya gaza 1, kuma kada fiye da kashi 20 cikin ɗari na guraben su gaza 5. A jadawalinmu mafi ƙanƙanta 22.5 ne, babu matsala, amma da zarar an ce ka raba shi mazaɓa-mazaɓa za ka ga guraben sun rame. Manhajar lissafi ta SPSS tana rubuta wannan gargaɗin da ƙananan baƙaƙe a ƙasan sakamako, layin da ke cewa "expected count less than 5", kuma yawanci ba a kwafo shi cikin rahoto. In hakan ta faru, ka haɗe rukunonin da hankali zai yarda a haɗe su, ko ka koma gwajin Fisher na ƙananan alƙaluma.

Kada ka zuba kaso cikin ɗari a maimakon adadin mutane, gwajin zai ɗauka kowane layi mutum ɗari ne. Mace ɗaya gurbi ɗaya, ko da ta zo awo sau shida. Kuma alaƙa ba ta nufin nisa shi kaɗai ne sanadi. Ƙauyukan nesa sukan bambanta da na kusa ta fuskar kuɗi da karatu da hanya, jadawali ɗaya ba zai raba maka su ba.

Fayil ɗin yana cikin babban kundin ofis. Na cire wurin da ake buga df da hannu, yanzu shi yake lissafa kansa:

```
=(ROWS(B2:C4)-1)*(COLUMNS(B2:C4)-1)
```

A ƙarƙashinsa na sa CHISQ.TEST, wanda ke karɓar jadawalin ƙirge da na tsammani ya fitar da amsa kai tsaye, domin a riƙa kwatanta su biyun. Gyararren rahoton yana nan tare da takardar neman keken, wadda aka ce a sake kawowa idan an zo zaman kasafi na gaba. Na sa kwafi biyu a aljihun tebur na sama, ɗaya da sa hannun malamar, ambulan ɗin da ta yi zane a bayansa yana maƙale da shi.