Hannun ɗan shekara 13 da ƙashin ɗan shekara 11

Talata, bayan isha'i.

Yau asibitin yara ya cika, amma yaro guda ne ya tsaya mini a rai. Shekararsa 13 da wata 8, tsawonsa santimita 139, kuma shi ne mafi gajarta a ajinsu. Mahaifinsa ya shigo riƙe da hoton ƙashin hannun da aka tura su su ɗauko, tun bai zauna ba ya ce, "Likita, an ce mini ƙashinsa na ɗan shekara 11 ne. Ke nan ƙashin ya lalace?"

Na ce masa ya zauna mu duba tare, don ban cika son karɓar adadin da aka rubuto ba sai na kalli hoton da idona.

Hannun hagu ake ɗauka, tafin a kife, yatsu a ɗan buɗe, hoton ya haɗa da wuyan hannu. Abin da ake nema shi ne inda girma ke faruwa. A ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani faifan guringuntsi wanda ba ya fitowa fari a hoto, sai ya zama kamar wani baƙin layi tsakanin jikin ƙashin da ɗan kansa. Daga wannan layin ne ƙashi ke ƙara tsawo. Ɗan kan ƙashin yakan fara fitowa ne a matsayin ɗigo, ya yi ta faɗi har ya kai faɗin jikin ƙashin, sannan gefensa ya lanƙwaso ya rufe shi, daga ƙarshe layin ya shafe, su biyun su haɗe. Da zarar sun haɗe, tsawo ya ƙare a wannan ƙashin. Wannan jerin ba ya sauya tsari daga yaro zuwa yaro, saurinsa ne kawai ke bambanta, shi ya sa ake iya karanta shi.

Na buɗe kundin Greulich da Pyle, littafin hotunan hannun yara shekara-shekara da ake kwatantawa da shi, ɓangaren maza, tun da hotunan mata daban suke saboda ƙashinsu na riga na maza nuna. Na fara daga shafin shekara 13, nan take na ga bai dace ba. A gindin babban yatsa akwai wani ɗan mitsitsin ƙashi zagayayye da ke fitowa wajen shekara 13 ga namiji, wajen 11 ga mace, kuma a hannun yaron nan babu alamarsa. Na koma baya zuwa 12 da rabi, zuwa 11 da rabi, zuwa 11. Kawunan ƙasusuwan yatsunsa sun kusa kai faɗin jikinsu, amma ko ɗaya bai fara lanƙwasowa ba. Na leƙa shafin 10 don in tabbatar ban tsaya da wuri ba, sai na ga ya wuce nan. Na tsaya a 11. Ƙananan ƙasusuwan wuyan hannunsa sun ɗan fi haka jinkiri, amma ni yatsu na fi bai wa nauyi, domin na wuyan hannu sun cika saɓani, ba kasafai suke tafiya daidai da sauran ba.

Tazarar ke nan shekara 2 da wata 8. A wannan shekarun, bambancin da bai kai wajen shekara biyu ba, gaba ko baya, ana samunsa a yara lafiyayyu da yawa. Na yaron nan ya haura haka, don haka ba abin kawar da kai ba ne. Sai dai kullum ina tuna wa kaina daga ina kundin ya fito: hotunan yara fararen fata ne 'ya'yan masu hali na birnin Cleveland a Amurka, da aka ɗauka galibi a shekarun 1930, bugu na biyu ya fito a 1959. Kuma likitoci biyu na iya duba hoto ɗaya su saɓa da rabin shekara. Wanda ya rubuta maka "shekara 11 da wata 2" daga wannan kundin ya nuna ƙwarewar da kundin bai ba shi ba.

Abin da na yi ta ƙoƙarin fahimtar da mahaifin shi ne hoton ba ya faɗin ciwo, lokacin da ya rage kawai yake faɗa. Ƙashi na jinkiri idan sinadarin tayirod ya yi ƙasa, ko sinadarin girma, ko abinci bai isa jiki ba, ko akwai doguwar jinya irin sikila da ciwon ƙoda, ko an daɗe ana shan magungunan siterod. Yana kuma jinkiri a yaron da ba abin da ke damunsa, agogon jikinsa ne kawai ke tafiya a hankali. A hoto duk kusan iri ɗaya suke. Abin da ke raba su yana wajen hoton.

Shi ya sa na nemi tsohon katinsa. Bara war haka an auna shi santimita 134, wato ya ƙara 5 a shekara. Wannan ya kwantar mini da hankali fiye da komai, domin gwargwadon yaron da bai balaga ba ke nan. Da na ga 2 ko 3, da maganar ta sauya gaba ɗaya, ko da hoton bai sauya ba. Na duba shi: ba kasala, ba kumburin fuska, ba ciwon kai ko matsalar gani, nauyinsa daidai da tsawonsa. 'Ya'yan marainansa mililita 3, balaga kuwa daga 4 ake ƙirga farawarta. Na tambayi mahaifin, "Malam, kai yaushe ka miƙe?" Ya yi dariya, ya ce sai da ya kusa gama sakandare ya kamo sa'o'insa.

Sai muka yi lissafi a takarda. Tsawon uba 172, na uwa 158. Ga ɗa namiji ana haɗa su, a ƙara 13, a raba biyu: 171.5, da sassaucin wajen santimita 8 sama ko ƙasa. A jadawalin Bayley da Pinneau, namiji mai jinkirin ƙashi da ke kan shekara 11 ya kai kusan kashi 82 cikin 100 na tsawon da zai tsaya a kai. A raba 139 da 0.82, a samu kusan 169.5. Ya faɗa cikin na gidansu. Na gaya masa kada ya riƙe wannan adadin da ƙarfi, don idan jinkirin ya yi yawa irin wannan, lissafin yakan yi wa yara maza alkawarin da ya ɗan wuce abin da suke samu.

Abin mamaki, iyaye sun fi tsoron jinkiri, alhali ni ƙashin da ya yi gaba ya fi tayar mini da hankali. Yarinya 'yar shekara 7 da ta fara ƙirgen dangi, ƙashinta na karanta 10, kowa na yaba tsawonta, amma layukan nan suna rufewa da wuri, tana iya ƙarewa gajera. Ita ce ke buƙatar a yi sauri.

Yaron nan dai na rubuta masa gwajin jini: TSH da free T4 na tayirod, IGF-1 na sinadarin girma, yawan jini da aikin ƙoda, saboda ƙarancin tayirod kan ɓuya a bayan hoto irin wannan. Ban rubuta sabon hoto ba, ƙashi ba ya sauyawa sosai cikin 'yan watanni. Za su dawo bayan wata shida a sake awon tsawo, ba takalmi, a ma'auni ɗaya. Idan ya cika 14 balaga ba ta motsa ba, sai mu zauna da likitan sinadaran jiki kan ko za a ba shi ɗan testostiron, sinadarin maza, na 'yan watanni don a tayar da ita.