Zanen Hasse a kan kwali: inda muka tsaya wannan Asabar

'Yan uwa masu koyo, ga inda aikinmu na Tudun Wada, Gombe, ya tsaya. Mun ɗauki lambobi shida, 2, 3, 4, 6, 8 da 12, muka jera su bisa rabuwa: a tana ƙarƙashin b idan a ta raba b ba saura, wato a | b. Zanen Hasse shi ne hoton irin wannan jeri: kowace lamba ƙusa ɗaya, zare kuma yana tashi daga lamba zuwa wadda ke samanta kai tsaye. Kwali ɗaya, ƙusoshi shida da zare sun isa.

Idan aka lissafa kowace lamba da wadda take rabawa, ban da ita kanta, dangantaka tara ake samu, amma zare shida kawai ake ɗaurawa: 2 zuwa 4, 2 zuwa 6, 3 zuwa 6, 4 zuwa 8, 4 zuwa 12, sai 6 zuwa 12. Ba a ɗaura 2 da 8, domin 4 na tsakaninsu, mai bin zare sama zai isa can da kansa. Haka 2 da 12, haka 3 da 12. Duk inda kuka ga zare uku sun rufe alwatika, wanda ya tsallake lambar tsakiya ya yi yawa, ku kwance shi.

Wajen karanta zanen ne ake yawan tuntuɓe. Lambar da babu zaren da ya tashi daga kanta zuwa sama ita ce maksimal, a nan kuwa biyu ne, 8 da 12. Ido zai ce 12 ce mafi girma tunda ta fi kowa yawa. Ba haka ba ne. Mafi girma sai wadda kowace lamba za ta hau zare ta iske ta, 8 kuwa ba ta raba 12, babu hanya tsakaninsu. Ko kun kafa ƙusar 12 a can saman kwali, tsayin ƙusa ba ya ba ta sarauta, zare kaɗai ke magana. Don haka wannan jeri ba shi da mafi girma.

A ƙasa ma haka: 2 da 3 minimal ne, wato babu zaren da ya sauka daga gare su zuwa ƙasa, kuma babu mafi ƙanƙanta.

Sai muka ƙara 24. Zare biyu kawai take bukata, daga 8 da daga 12, nan take ta zama mafi girma, ita kaɗai kuma maksimal. Ƙusar 1 a ƙasa, ɗaure da 2 da 3, ta ba mu mafi ƙanƙanta.

Gwajin da ya fi koyarwa shi ne a cire 1 a kafa 7. Ba ta raba kowa, ba wanda ya raba ta, tana tsaye ba zare, saboda haka maksimal ce kuma minimal a lokaci guda. Ita kuma 24 tana nan maksimal, amma ta sauka daga mafi girma tunda 7 ba ta ƙarƙashinta. Asabar mai zuwa kowa ya zo da zanen lambobi takwas da ke raba 30, zare 12 ya kamata ya samu.